Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Bankwana Ranar Barin Aiki

Wajibi ne tun farko ma'aikaci ya rarrabe tsakanin takardar ajiye aiki da wasiƙar bankwana, domin ta farkon shugabanni ake rubuta wa tun da sauran lokaci, kamar yadda Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta sharɗanta sanarwar wata guda ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye, ita kuwa ta biyun ta abokan zama ce, ba a aika ta sai ranar ƙarshe, bayan an miƙa makullai da fayiloli, an biya bashi da zubin adashe, an kuma sami shugaba an yi masa bankwana baki da baki, don kada ya tsinci labarin tare da kowa.

Mu ɗauki misalin akawun da ya shekara 6 a ofis, zai tafi yana jin an danne masa ƙarin girma. Bayan sallama, sai ya faɗi cewa yau ce ranarsa ta ƙarshe, ba tare da ambaton dalili ko albashin inda ya nufa ba. Daga nan sai godiya, wadda sharaɗinta shi ne ta kasance kan alheri sananne: ya gode wa sashen kuɗi da suka koya masa rufe lissafin ƙarshen wata, ya fara da shugaba bisa ladabi, ko da iyakar abin da zai iya faɗi da gaskiya shi ne ya ba shi damar aiki, ya gangaro har kan masinja da direba. Ni dai na fi son a ambaci sassa maimakon sunaye, saboda wanda aka manta ba ya ɗaukar abin a matsayin mantuwa.

Neman afuwa shi ne inda alƙalami ya fi zamewa. Idan ya rubuta, "Duk wanda na saɓa wa, da sani ko da kuskure, ya yafe mini," ya wadatar; amma da zarar ya ƙara da cewa ya yafe wa waɗanda suka zalunce shi, ko ya bar su da Allah, to ya mayar da afuwa habaici, kuma kowa a ofishin ya san da wa ake. Ƙorafin da ke da hujja, wurinsa takarda daban ga mai kula da ma'aikata, domin wataƙila gobe wannan shugaban ne za a tambaya shaida a kansa.

Sannan ya ambaci wanda ya karɓi aikinsa, ya ba da lambar wayarsa ta kansa, tunda adireshinsa na imel na ofis rufe shi za a yi, ya cika da addu'ar Allah ya bar zumunci. Ya rubuta da daddare, ya sake dubawa da safe, in kuwa ranar Juma'a ce ya aika tun da hantsi, kafin jama'a su watse zuwa masallaci.