Saƙon ƙarfe bakwai da ya zo sau sittin: yadda ake karanta layin cron

Wani matashi da ke kula da kwamfutocin shagon taki da irin shuka a Funtua ya aiko mini da tambaya. Shagon nasu yana da reshe a Malumfashi, mai shagon kuma yana so kowace safiya, daga Litinin zuwa Juma'a, da ƙarfe bakwai, a turo masa saƙo a waya mai nuna buhun taki nawa ya rage a sito biyun, domin ya san motar da zai tura kafin manoma su fara cika ƙofar shago. Matashin ya rubuta 'yar manhajar da ke haɗa lissafin, ya ɗora ta a kan sabar da suke haya, ya ba cron aikin tayar da ita. Washegari saƙo bai zo da bakwai ba. Sai ƙarfe takwas ya fara shigowa, kuma bai tsaya ba sai da ya shigo sau sittin. Ga layin da ya rubuta:

```
* 7 * * 1-5 /home/shago/rahoto.sh
```

Malam, manhajarka lafiyarta ƙalau. Matsala biyu ce ta haɗu maka, ɗaya a cikin layin, ɗaya a agogon sabar. Za ka gane su da kanka da zarar ka san yadda cron yake karanta abin da aka rubuta masa.

Cron tsohon ma'aikaci ne a Unix, kuma irin wanda ke cikin Debian da Ubuntu ya samo asali daga wanda Paul Vixie ya fitar a 1987. Aikinsa kamar na mai gadi ne da ke duba agogo kowane minti ɗaya, takardar umarni a hannunsa. Yana duba lokaci, ya bi layukan takardar, duk layin da ya dace da wannan mintin sai ya aiwatar da shi. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Layin cron sharaɗi ne da ake gwadawa a kowane minti, duk sa'ar da sharaɗin ya cika kuwa aikin zai tashi, ko sau nawa ne.

Sharaɗin yana da gurbi biyar, a raba su da tazara, sannan umarnin da za a aiwatar ya biyo baya. Daga hagu ake karantawa. Gurbin farko minti ne, daga 0 zuwa 59. Na biyu awa ce, daga 0 zuwa 23, wato ƙarfe bakwai na safe 7 ne, bakwai na dare kuma 19. Na uku ranar wata ce, daga 1 zuwa 31. Na huɗu watan ne da kansa, daga 1 na Janairu zuwa 12 na Disamba. Na biyar ranar mako, inda 0 take Lahadi, 1 Litinin, a haka har 5 Juma'a, 6 Asabar. Cron ɗin Vixie yana karɓar 7 ma a matsayin Lahadi. Alamar tauraro kuwa, `*`, a duk gurbin da ta zauna, ma'anarta kowace lamba ta yi.

To mu karanta naka da wannan ido. Gurbin minti tauraro ne, wato kowane minti. Gurbin awa 7. Ranar wata da wata, kowanne. Ranar mako `1-5`, Litinin zuwa Juma'a. Abin da ka ce wa cron ke nan: muddin awa tana kan bakwai, a ranakun aiki, ka tayar da manhajar a kowane minti. Da 7:00 sharaɗi ya cika, da 7:01 ya cika, haka har 7:59. Ka ga saƙo sittin ɗinka. Mutane da yawa suna ɗaukar tauraro a gurbin minti kamar barin wurin babu komai, alhali shi ne umarni mafi faɗi da za a iya bayarwa. Wanda ke son abu ya faru sau ɗaya a cikin awa, dole ya ambaci mintin da lamba. Layin da kake bukata shi ne:

```
0 7 * * 1-5 /home/shago/rahoto.sh
```

Minti na sifili, awa ta bakwai, kowace ranar wata, kowane wata, Litinin zuwa Juma'a. A kula da jerin lambobin biyun farko, domin baki ya saba faɗin awa kafin minti, cron kuwa minti yake fara karantawa. Wanda ya rubuta `7 0` a maimakon `0 7` ya sa aikinsa ƙarfe sha biyu da minti bakwai na dare, mai shago yana barci saƙo zai same shi.

Saura batun ƙarfe takwas. Cron ba ya sanin cewa kana Funtua. Agogon na'urar da yake zaune a kai kawai yake gani, sabobin haya kuwa galibi a kan lokacin UTC ake saita su. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya cif, duk shekara, ba ma matsar da agogo gaba ko baya kamar ƙasashen Turai. Saboda haka bakwai a agogon sabar takwas ce a Funtua da Malumfashi. Umarnin `timedatectl` zai nuna maka yankin lokacin da sabar take kai. Idan ka ga UTC, hanya biyu ce a gabanka. Ko dai ka bar agogon yadda yake ka rubuta `0 6 * * 1-5`, ko ka mayar da sabar kan lokacin gida:

```
sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos
sudo systemctl restart cron
```

Layi na biyu yana da amfani, domin cron da ya riga ya tashi yana iya ci gaba da tsohon lokaci sai an sake tayar da shi. Idan sabar ta shagon ce ita kaɗai, ni hanya ta biyu na fi so. Duk wanda ya gaje ka a aikin zai ga 7 ya fahimci bakwai, ba sai ya yi lissafi ba. Amma idan akwai wasu ayyukan da aka riga aka tsara a kan sabar, canza yankin lokaci zai matsar da su gaba ɗaya da awa ɗaya, sai ka duba su tukuna. Idan ka zaɓi 6, ka sa layin bayani a samansa mai farawa da `#`, ka rubuta cewa shida ta UTC ita ce bakwai ta Najeriya.

Gurbi na biyar yana bukatar a zauna da mai shago a yi magana, domin ranakun aiki na ofis da na kasuwa ba ɗaya ba ne. `1-5` makon banki ne da ma'aikatun gwamnati. Shagon taki kuwa, da damina ta faɗi, Asabar ma cike yake da masu saye. Idan Alhaji mai shagon yana son rahoton har Asabar, `1-6` ne. Idan ranaku biyu kawai yake so, a ce Litinin da Alhamis, waƙafi ake sawa: `1,4`. Makarantar allo da ke karatu daga Asabar zuwa Laraba, ta huta Alhamis da Juma'a, nata gurbin `0-3,6` ne. Kada a rubuta `6-3` da nufin zagayowa daga Asabar zuwa Laraba, domin cron ɗin da aka saba da shi yana son ƙaramar lamba ta zo kafin babba. Sannan cron bai san hutu ba. Ranar Sallah ko 1 ga Oktoba idan ta faɗo Talata, saƙo zai tafi kamar kullum. In ana so a tsallake irin waɗannan ranaku, cikin manhajar za a sa ta duba jerin ranakun hutu kafin ta aika.

Gurbi na uku kuma ka bar masa tauraronsa. Akwai wata ƙa'ida da ke ruɗa hatta waɗanda suka daɗe a aikin: idan aka sa lamba a ranar wata, aka kuma sa lamba a ranar mako, cron yana aiwatar da aikin idan ɗaya daga cikin biyun ta dace, ba sai duka biyun ba. Mai rubuta `0 7 1-7 * 1` yana zaton ya ce Litinin ta farkon wata. Abin da zai samu shi ne aiki kullum daga 1 zuwa 7 ga wata, da kuma kowace Litinin har watan ya ƙare.

Yanzu sai shigar da layin da gwada shi. Umarnin `crontab -e` yana buɗe takardar ayyukanka, `crontab -l` kuma yana nuna abin da ka ajiye. Shawarata ita ce ka ƙara wa layin wurin da zai riƙa zuba abin da manhajar ta faɗa, har da ƙorafinta idan ta gaza:

```
0 7 * * 1-5 /home/shago/rahoto.sh >> /home/shago/rahoto.log 2>&1
```

Kada ka jira gobe da safe ka ga ko ya yi. Idan yanzu ƙarfe 14:20 ne a agogon sabar, ka sauya lambobin farko na ɗan lokaci zuwa `23 14`, ka jira minti uku, sannan ka duba. Idan ranar gwajin Asabar ce ko Lahadi, ka mayar da gurbi na biyar tauraro, in ba haka ba za ka yi ta jira a banza. A Ubuntu, `grep CRON /var/log/syslog` zai nuna maka ko cron ya tayar da aikin. Idan babu layinsa a can, laifin yana cikin gurbin biyar ɗin ko agogo. Idan akwai layin amma saƙo bai zo ba, cron ya yi nasa, laifin yana wurin manhajar, fayil ɗin `rahoto.log` kuma zai faɗa maka. Abin da aka fi samu shi ne manhajar tana aiki lafiya idan ka kira ta da hannu, amma a ƙarƙashin cron ta kasa gano wasu umarnin, saboda cron yana ba ta taƙaitaccen `PATH`. Maganinsa rubuta cikakken adireshin kowane umarni da kowane fayil. Ka kuma tabbata ka ba ta izinin aiki da `chmod +x`.

Abu na ƙarshe ya shafi masu ajiye na'urar a cikin shago maimakon hayar saba. Cron ba ya rama aikin da ya wuce shi. Idan an ɗauke wuta, batir ya ƙare cikin dare, aka kunna kwamfutar da bakwai da minti biyar, rahoton ranar ya tafi ke nan, babu kuma wanda zai sanar da kai. Ko dai na'urar ta zauna a kan sola da batirin da zai kai ta safiya, ko a koma amfani da agogon systemd, inda `OnCalendar=Mon..Fri 07:00` tare da `Persistent=true` ke sa aikin ya tashi da zarar na'urar ta dawo.

Kai da kake kan sabar haya, wannan bai dame ka ba. Ka sa `0` a gurbin farko, ka duba `timedatectl`, ka yi gwajin minti ukun nan yau, sannan ka tambayi Alhaji ko yana son rahoton Asabar kafin ka rufe takardar.