Agogona Yana Cewa Shida a Makka, Alhali Biyu Ne

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, Kano. Wata mai kamawa zan tafi Umara, daga can kuma in wuce Guangzhou sarin kaya. Na sayi agogon Casio AE-1200 don an ce yana nuna lokacin ƙasashe. Na saita shi daidai da lokacin Kano, amma da na duba Jidda da ƙarfe goma sha biyun rana sai ya nuna mini shida na safe. Jabu aka sayar mini? Ina kuma da agogon zamani mai haɗuwa da waya, wanda yarona ya ba ni. Wanne zan ɗaura, kuma yaya zan riƙa ganin lokacin gida da na inda nake?

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya, ya karɓi ibada. Kada ka mayar da agogon nan, lafiyarsa lau, kuma wannan shidan da ya nuna maka ita ce shaida. Agogo irin wannan lokaci ɗaya tak yake riƙewa, sauran garuruwan kuwa lissafi yake yi, ya ƙara awoyi ko ya rage. Kafin lissafin ya fita daidai sai ya san garin da yake zaune, kuma akasarin agogunan Casio suna fitowa daga kamfani da Tokyo a matsayin gida. Kai ka gyara awa da minti, ba ka gaya masa ya bar Japan ba. Tokyo tana gaban Jidda da awa 6, to da ka ce masa sha biyu ne, sai ya cire shida ya ba ka shida na safe. Gaskiyar magana kuwa Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, wato biyun rana ya kamata ka gani. Kuma ba Jidda kaɗai ba, duk garin da ka duba a agogon yanzu ya kauce da awa 8, don ita ce tazarar Tokyo da Kano.

Gyaran ba ya cin minti uku. A fuskar da agogon yake nuna lokaci kullum, danne maɓallin ADJUST na sama ta hagu har lambobin daƙiƙa su fara ƙyaftawa. Sai ka taɓa MODE na ƙasa ta hagu, za ka ga haruffa uku na sunan gari suna ƙyaftawa, ina kyautata zaton TYO ne. Yi ta taɓa SEARCH ko LIGHT, na ɓangaren dama, har ka iso PAR, wato Paris. Kada ka ɓata lokaci neman Legas ko Yamai, babu su a jerin garuruwa 48 na wannan agogo. Paris ake ara, domin lokacinta na asali ɗaya ne da na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, awa 1 gaban GMT. Mutumin Gana kuwa LON zai zaɓa. In ka ga awa ta motsa sa'ad da kake canja garin, bar ta. Gari ake fara gyarawa, sannan awa.

Ƙara taɓa MODE, sai DST ya bayyana, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa. Turawa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, DST ke nan. Mu ba ma yi, Saudiyya da Sin ma ba sa yi. Saboda haka ka tabbata yana kan OFF, kuma ya zauna a haka rani da damina. In ka bar shi a kunne ka saita sha biyun Kano, Jidda za ta nuna ɗaya maimakon biyu. Wannan kuskuren ya fi na Tokyo haɗari, don awa 8 kowa zai gane da matsala, awa ɗaya kuwa sai mutum ya isa filin jirgi an rufe ƙofa. Bayan DST sai ka gyara awa da minti da kwanan wata, ka taɓa ADJUST ka fita.

Yanzu taɓa MODE ka shiga WT, lokacin duniya, ka nemo JED. Gwajin mai sauƙi ne: in Kano sha biyun rana ne, JED ya nuna 14:00, BJS ko HKG su nuna 19:00. Babu Guangzhou a jerin, amma ƙasar Sin duk girmanta lokaci ɗaya take bi, na Beijing, awa 7 gaban Kano. Idan ka ga saɓanin awa ɗaya cif, duba ko alamar DST tana kunne a kan garin da kake kallo. Danne ADJUST a nan cikin WT yana kashe ta.

Da ka sauka Jidda kada ka taɓa awa da hannu, in ka yi haka ka koma gidan jiya. A cikin WT, JED yana kan fuska, danna ADJUST da LIGHT tare. Jidda za ta dawo babban lokaci, PAR ya koma na biyu. A Guangzhou ma haka za ka yi da BJS, sai dai bayan musayar JED ne zai zauna a na biyu, sai ka mayar da shi PAR. Shawarata ka sa agogon a tsarin awa 24 kafin tafiya. Takwas na safe a Guangzhou ɗayan dare ne a Kano, kuma ƙaramar alamar safe da yamma ba kowane ido ke ganinta ba. Hajiya ba za ta gode maka ba in ka tashe ta a wannan lokaci don tambayar lafiyar yara.

Agogon zamani kuma akasin haka yake aiki. Shi ba ya riƙe ra'ayin kansa, abin da waya ta ce shi yake bi, waya kuma tana ɗauka daga layin sadarwar ƙasar da ka sauka. Don haka babban lokacinsa zai canja da kansa, abin da za ka ƙara masa shi ne lokacin gida. A wayar, shiga Settings, wajen Date & time, ka tabbata zaɓin lokaci na kai tsaye yana kunne. Sannan a World Clock ka ƙara Lagos, don a nan akwai ta, babu buƙatar aron Paris. In ma ka aro Paris a nan ka yi kuskure, domin wayar ta san dokar Faransa, za ta tura maka awa ɗaya da kanta a ƙarshen Maris. A Apple Watch da Galaxy Watch ana iya ɗora garin a gefen fuskar agogo ta yadda kallo ɗaya zai ba ka lokutan biyu.

Ba ka faɗi irin naka ba. In cikin masu araha ne, da yawansu ba su da gurbin gari na biyu, kuma ba sa karɓar sabon lokaci sai ka kunna Bluetooth ka buɗe manhajarsu a waya. Kafin nan lokacin Kano za su ci gaba da nunawa kana tsakiyar Jidda. Wayar ita ma in tana yanayin jirgi, ko ba ta kama layi ba, tana iya zama a tsohon lokaci. Kana sauka, gwada ta da agogon bangon filin jirgi.

Wanne za ka ɗaura? Ni dai Casio zan ce, tunda batirinsa shekaru yake yi, kuma ranar Umara ba ranar neman wurin caji ba ce. Lokutan da ke kan tikitinka duk na garin da abin zai faru ne: tashi da agogon Jidda, sauka da agogon Guangzhou, tsakaninsu awa 5. In an canja wa agogon batir wata rana, sake duba garin gida, don yana iya komawa TYO.