Zuwa ga Ƙannena Masu Neman Gurbin Likitanci da Lauya

Ƙannena, maza da mata, na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunaye, kuka ɗaya ake yi daga Kwanar Ɗangora har Riruwai: "Na wuce katof, amma an hana ni, an ba wanda na fi maki." Wani lokaci akwai son kai a ciki, ba na musu. Amma mafi yawan lokaci ba wanda ya zalunci yaron. Lissafi ne aka yi a fili, shi kuma ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake yin sa ba. Lissafin nan nake so mu bi tare, tun kafin ku sayi fom.

Abu uku daban-daban ake kira katof, kuma nan ruɗanin yake farawa. Na farko shi ne wanda hukumar JAMB da shugabannin makarantu suke tsayarwa a taronsu na shekara-shekara. A 2025 sun sa 150 cikin 400 ga jami'o'i. Ma'anarsa kawai ita ce kada wata jami'a ta ɗauki wanda bai kai haka ba. Na biyu shi ne wanda kowace jami'a take sanarwa domin a sayi fom ɗin tantancewarta, kuma takan ɗaga shi ga fannoni irin su likitanci da haɗa magunguna da lauya. Wanda ya kai wannan ya samu izinin shiga layi, shi ke nan. Na uku shi ne mai yanke hukunci, kuma ba wanda ya san shi tun da farko, har shugaban jami'ar. Ana jera masu nema daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a ƙirga har gurabe su ƙare. Makin mutum na ƙarshe da ya samu shiga, shi ne katof na gaskiya na wannan shekarar. Kamar farashin shinkafa ne a kasuwar Tudun Wada: na bara yana ba ka haske, amma sai kasuwa ta ci ake sanin na bana.

To me ya sa guraben suke ƙarewa da wuri, alhali ga azuzuwa ga kujeru? Saboda ba jami'a kaɗai take da ta cewa ba. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, tana ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta iya ɗauka. Bayan ita kuma akwai majalisun sana'o'i. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana duba yawan malamai da gadajen asibitin koyarwa da ɗakunan gwaje-gwaje, sannan ta ba kowace kwalejin likitanci adadinta. Ɗalibin likitanci na Jami'ar Bayero a gefen gadon majinyaci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano zai koyi aiki, kuma akwai iyakar mutanen da za su iya kewaye gado ɗaya su fahimci abin da likita yake nunawa. Haka majalisar kula da karatun lauya take ba kowace tsangaya adadin da za ta tura makarantar horar da lauyoyi. Ba wasa suke yi ba: a farkon 2025 JAMB ta sanar da cewa ba za ta ɗauki ɗaliban lauya a makarantu takwas ba, bayan majalisar ta dakatar da shirin a cikinsu. Saboda haka idan mutum dubu uku suka nemi gurbi ɗari, ko da dukkansu sun wuce katof ɗin da aka sanar, dubu biyu da ɗari tara za su koma gida ko su koma wani fanni.

Guraben nan kuma ba a layi ɗaya ake raba su ba. A jami'o'in tarayya ana kasa su uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, ɗan kowace jiha yana iya ci. Kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take yi wa hidima ne. Kashi 20 na jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Kano tana cikinsu. Kowane kaso da inda layinsa yake yankewa.

Mu ɗauki misali, kuma alƙaluman nawa ne na ƙirƙira domin a ga yadda abin yake tafiya. A ce bayan an ware na masu shiga aji biyu kai tsaye, saura gurbi 100 a likitanci: 45, 35, 20. A ce kuma jami'ar tana bin hanyar da wasu jami'o'i suke bi wajen haɗa maki: a raba makin JAMB gida takwas ya zama cikin 50, a raba makin jarrabawar tantancewa gida biyu shi ma ya zama cikin 50, a haɗa. Wata yarinya daga Kiru ta ci 268 a JAMB, wato 33.5. A tantancewa ta ci 64, wato 32. Jimillarta 65.5. Wani yaro daga Doguwa ya ci 252, wato 31.5, amma a tantancewa ya ci 76, wato 38. Jimillarsa 69.5. Da aka jera kowa, mutum na 45 a layin cancanta yana da 74, don haka dukkansu biyu ba su shiga nan ba. Aka koma layin 'yan yanki, na 35 yana da 68. Yaron ya shiga, yarinyar ta tsaya a baki. Za ta yi ta cewa ta fi shi da maki 16 a JAMB, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai maki 16 ɗin nan 2 kacal ya zama bayan an raba, shi kuwa 12 ɗin da ya fi ta da shi a tantancewa ya zama 6. A irin wannan lissafi, maki ɗaya na tantancewa daidai yake da huɗu na JAMB.

Ku tsaya a nan ku yi tunani, domin a nan 'yan garuruwanmu suka fi yin asara. Yaro zai yi wata da watanni yana haddar tambayoyin JAMB, da sakamako ya fito sai ya ajiye littafi ya tafi gona ko ya hau babur, damina ta wuce, ranar tantancewa ya zo da kai a sanyaye. Ba kowace jami'a take yin jarrabawa ta biyu ba. Wasu sakamakon WAEC ko NECO suke mayarwa maki, A1 ya fi B3 daraja, B3 ya fi C6, kuma wasu sukan fifita wanda ya haɗa kiredit ɗinsa biyar a zama ɗaya. A irin waɗannan, C6 biyar sun cika sharaɗi amma suna ja da mutum ƙasa a layi. Hanyar haɗa makin takan canja daga jami'a zuwa jami'a, har daga shekara zuwa shekara, saboda haka ku karanta sanarwar jami'ar ta wannan shekarar da idonku, ku yi lissafin da biro. Kada ku dogara da abin da mai shagon kwamfuta ya gaya muku.

Saura kaso na uku, wanda ake yawan sa wa rai fiye da kima. Gurbi 20 ne a misalinmu, jihohin da suke da hakki a cikinsa kuwa sun haura ashirin. Inda ake raba shi jiha-jiha, abin da zai zo hannun Kano bai taka kara ya karya ba. Ga kuma abin da ba a cika faɗa muku ba: a Jami'ar Bayero, zama ɗan Kano ba wata babbar garkuwa ba ce, domin mafi yawan waɗanda suke layin 'yan Kano ne. Ɗan Doguwa da ya gama sakandaren da malamin fizik bai ishe ta ba, layi ɗaya yake da wanda ya fito daga Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa, da 'ya'yan makarantun kuɗi na cikin birni. Tsarin tarayya jiha yake gani, ba ya ganin nisan ƙauyenka da birni. Ni a ganina wannan rauni ne a tsarin, amma da shi za a auna ku bana.

Daga nan dabara biyu suke fitowa. Kason jihohi masu ƙarancin ilimi ya fi amfani ga ɗan Kano a jami'ar da 'yan Kano ba su cika nema ba. Jami'ar Ibadan, alal misali, takan wallafa katof na kowane fanni kashi-kashi: na cancanta, na 'yan yanki, da na waɗannan jihohi. Mai iyayen da za su yarda ya yi nisa, da halin ɗaukar nauyinsa, ya duba irin waɗannan. Jami'o'in jiha kuma, ta Aliko Ɗangote da ke Wudil da ta Northwest da ke cikin birni, 'yan jiha suke sa wa gaba, kuma a nan ne takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta fi yin nauyi. Don haka wanda aka haifa a Kiru ya yi karatu a birni, ya lura da abin da aka cika masa ranar rajista. Kuskure a jiha ko ƙaramar hukuma yana iya jefa mutum layin da ba nasa ba, kuma gyaransa sai da kuɗi da zirga-zirga.

Akwai kuma waɗanda ba su ma shiga layin ba, suna zaune suna jiran suna. Tun 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta manhajar JAMB mai suna CAPS take bi, kuma manhajar ba ta sa wanda bai cika sharaɗi ba a jeri, komai yawan makinsa. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon sakandare, sakamakon ya fito bai je cibiyar da JAMB ta amince da ita an ɗora masa ba, ba ya cikin jerin. Mai neman likitanci da ya zauna lissafi maimakon fizik shi ma haka, domin Turanci da fizik da kimistiri da bayoloji ake buƙata. Wanda ya sa jami'a a zaɓi na biyu kuwa, a fanni mai cunkoso, kusan daidai yake da wanda bai zaɓe ta ba, domin gurabe suna ƙarewa a kan 'yan zaɓin farko. Duk wanda ya ce zai samo muku gurbi ta bayan CAPS, ku riƙe kuɗinku: wannan karatu ne da JAMB ba ta san da shi ba, kuma ranar tafiya hidimar ƙasa asiri yake tonuwa.

Yarinyar nan ta Kiru fa, ba ta faɗi ba. A sakamakon farko na 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Mai 268 tana sahun gaba. Da 65.5 ɗin da aka rufe mata ƙofar likitanci, za ta iya zama cikin na farko a layin wani fanni mai irin darussanta. Sau da yawa jami'a da kanta takan yi tayin sauya fanni, kuma tayin yana fitowa a CAPS ƙarƙashin Transfer Approval. Sai ɗalibi ya amince ake ci gaba, in ya ƙi yana nan a layinsa na farko. Kafin ta danna ko ɗaya, ta nemi sanin inda layin likitanci ya yanke a kasonta da kuma ko adadin da aka ba sashen ya cika. Idan tazarar rabin maki ce kuma ana sa ran jeri na biyu, jira yana da hujja. Idan 68 ne ita tana 65.5, a fanni mai cunkoso akwai mutane da yawa a tsakaninsu, kuma waɗanda za su bar gurbin likitanci ba su da yawa. Sai ta zaɓa tsakanin karɓar fannin da aka ba ta da sake zama baɗi, ta tuna kuma cewa sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, 268 ɗin ba zai bi ta ba.

Wassalam,
Yayanku.