AGOGON MOTSA JIKI: YADDA AKE KARANTA LISSAFINSA DA INDA YAKE YIN KUSKURE

A garin Kontagora, kamar sauran manyan garuruwan ƙasar nan, akan ga sojoji da ɗalibai da ma'aikata suna gudun motsa jiki da sassafe, waɗansunsu ɗaure da agogon da ke ƙirga bugun zuciya da nisan tafiya. Idan an gama gudu, agogon yakan nuna lambobi iri biyu da ke rikitar da mutane. Ta farko ana rubuta ta VO2 Max, ta biyu kuwa Recovery Time. Dukkansu biyu kintace ne agogon ya yi daga bugun zuciya, kuma duk abin da ya taɓa bugun zuciya zai taɓa su.

MA'ANAR LAMBA TA FARKO

VO2 Max ita ce iyakar iskar oksijin da jikin mutum zai iya ɗauka ya yi aiki da ita cikin minti ɗaya, sa'ad da yake iyakacin ƙoƙarinsa. Ana ƙirga ta da mililita a kan kowane kilo na nauyin jiki. Idan agogon mai nauyin kilo 70 ya nuna 49, ma'ana jikinsa zai iya amfani da wajen lita uku da rabi na oksijin a minti. Saurayi lafiyayye wanda ba ya wani horo yakan kasance tsakanin 35 da 45, gwanayen gudun dogon zango kuwa sukan haura 70.

Wani masani na ƙasar Ingila, A. V. Hill, shi da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan ma'auni a shekarun 1920. Auna shi na sosai a ɗakin gwaji ake yi. Akan sa wa mutum abin rufe hanci da baki, ya yi ta gudu a kan na'ura ana ƙara masa sauri har ya gaza, ana auna iskar da yake shaƙa da wadda yake fitarwa. Agogo ba ya auna numfashi ko kaɗan. Abu biyu yake gani: saurin mai gudu, wanda yake samu daga tauraron ɗan'adam, da bugun zuciyarsa, wanda yake ƙirgawa da wani koren haske da ke haska jijiyoyin wuyan hannu. Sauran duk lissafi ne.

YADDA LISSAFIN YAKE TAFIYA

Kowane kamfani yana da nasa gyare-gyaren, amma tushen ɗaya ne, kuma za a iya bin sa da fensir da takarda. A ɗauki misalin wani malamin makaranta a Kontagora mai shekara 30, wanda zuciyarsa ke bugawa sau 60 a minti idan yana hutawa. Wata safiya cikin hunturun watan Disamba ya yi gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yana cin kilomita ɗaya cikin minti 6, watau mita 167 a minti, zuciyarsa kuwa ta tsaya a kan bugu 155.

Mataki na farko shi ne sanin oksijin da wannan sauri yake bukata. Masana suna da ƙa'ida: a ninka mitocin da ake ci a minti da 0.2, sa'an nan a ƙara 3.5, wanda shi ne abin da jiki ke ci ko mutum yana zaune. Nan an sami wajen 37.

Mataki na biyu shi ne sanin ko kashi nawa na ƙarfinsa malamin ya fitar. A nan ne agogon yake bukatar sanin iyakar bugun da zuciyar mutumin za ta iya kaiwa, kuma idan ba a gaya masa ba, sai ya ƙaddara daga shekaru. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce a debe shekarun mutum daga 220, watau 190 ke nan ga malamin. Tsakanin 60 na hutu da 190 na iyaka akwai bugu 130. Shi ya hau bugu 95 daga ciki, watau kashi 73 bisa ɗari. Sai agogon ya ce: idan kashi 73 na ƙarfin wannan mutum ya ba da 37, to, a debe 3.5 na hutu daga 37, a raba saura da kashi 73 bisa ɗari, sa'an nan a mayar da 3.5 ɗin, dukan ƙarfinsa zai kai wajen 49. Lambar da za ta fito a fuskar agogo ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne wannan 190. Ƙa'idar 220 matsakaicin jama'a ce, kuma abu ne na yau da kullum mutum ya saɓa mata da bugu 10 ko fiye, sama ko ƙasa. Idan iyakar zuciyar malamin ta gaskiya 180 ce, to, ya fi kusa da ƙarshen ƙarfinsa fiye da yadda agogon ya zata, kuma lambarsa ta gaskiya wajen 46 ce. Idan kuwa 200 ce, lambar ta kusa 53. Gudu ɗaya, mutum ɗaya, amma tazarar maki bakwai. Saboda haka babu ma'ana abokai biyu su riƙa gardama don agogon wannan ya nuna 50 na wancan ya nuna 47. Mai 47 yana iya barin mai 50 a baya ranar tsere. Wanda ya taɓa ganin bugun zuciyarsa ya wuce iyakar da agogon ya ƙaddara masa, a ƙarshen tsere ko wani gudu mai tsanani, ya kamata ya shiga saitin agogon ya gyara lambar.

ZAFIN BAZARA

A watan Afrilu, sa'ad da zafin rana a Kontagora yake kusantar digiri 40, malamin ya sake yin wannan gudu da yamma, a hanya ɗaya, da sauri ɗaya. Wannan karon zuciyarsa ta kai 165. Dalili kuwa shi ne jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, gumi kuma yana rage ruwan jini, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi. Da wannan lissafi, lambarsa za ta nufi 45. Agogon ba ya sauke ta a rana ɗaya, yakan rage ta sannu a hankali cikin makonni, har mai shi ya ɗauka ƙarfinsa ne ke raguwa, alhali yanayi ne ya sake. Waɗansu agogunan kamfanin Garmin suna yin rangwame idan zafi ya wuce digiri 22, amma sai an haɗa su da waya don su sami labarin yanayin wurin.

Haka abin yake ga mai azumi da ya yi gudu kafin shan ruwa, da wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, da mai ƙarancin jini. Gudu a kan rairayi ko taɓon damina shi ma yakan sauke lambar, domin agogon yana ganin sauri ya ragu, ba ya ganin ƙasar da ake takawa. Akwai kuma kuskuren da ya fi waɗannan haɗari, domin shi daɗi yake sa wa mutum: waɗansu magungunan hawan jini, irin su atenolol, suna rage bugun zuciya, sai lissafin agogo ya ɗaukaka mai shan su fiye da matsayinsa.

Shi kansa ƙirgen bugun yakan ɓaci idan agogon ya yi sako-sako a hannu. Wani lokaci yakan rikita bugun zuciya da takun ƙafa, sai a ga ya yi tsalle zuwa wajen 170 tun farkon gudu, ya kafe a nan, alhali mai gudun yana hira ba ya haki. A ɗaure shi sosai, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu. Ɗamarar ƙirji mai ƙirga bugu ta fi shi daidai.

Mai son tabbatarwa yana iya yin gwajin da likita Kenneth Cooper na Amirka ya fitar a 1968. Bayan ɗumama jiki, a yi gudu iyakar ƙoƙari na minti 12 a filin da aka san tsawonsa, da sanyin safiya. A debe 505 daga mitocin da aka ci, a raba saura da 44.7. Wanda ya zagaya filin mita 400 sau shida da rabi ya ci mita 2,600, lambarsa wajen 47 ke nan. Wannan ma kintace ne, amma ba ya dogara da bugun zuciya. Gwajin na masu lafiya ne da suka saba gudu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya yi shi sai da iznin likita.

AWOYIN HUTU

Recovery Time ƙidaya ce ta awoyin da agogon yake ganin ya kamata su wuce kafin a sake yin horo mai tsanani. A agogunan Garmin tana iya kaiwa kwana huɗu. Mutane da yawa sukan ɗauka an hana su motsi ne har awoyin su cika. Tafiya a ƙasa ko sassarfa mai sauƙi ba su cikin hanin.

Agogon yana samun wannan lamba daga tsawon lokacin da zuciya ta yi tana aiki kusa da iyakarta. Don haka kuskuren da aka bayyana a sama yana biyowa har nan. Idan iyakar malamin 200 ce, agogon kuwa yana zaton 190, kowane gudu zai yi masa kama da mai tsanani, ya riƙa ba shi kwana biyu bayan abin da bai gajiyar da shi ba.

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne na ba da hutu kaɗan. Ɗaga ƙarfe, da gajeren gudu mai sauri, da gangarowa daga tudu suna wahalar da tsoka ƙwarai ba tare da zuciya ta daɗe a sama ba. Ciwon tsokar yakan fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan aikin, a daidai lokacin da agogon ke cewa an shirya. Haka kuma bai san da huɗar da mutum ya yi a gona ranar Asabar ba, ko ƙwallon da ya buga bayan ya ajiye shi a ɗaki. Sababbin agoguna suna duba barci da yanayin bugun zuciya da dare su gyara awoyin, amma sai in an kwana da su a hannu.

Akwai gwajin da ba ya bukatar komai sai yatsa. Kowace safiya kafin a tashi daga shimfiɗa, a ƙirga bugun jijiyar hannu na minti ɗaya, a rubuta. Bayan mako biyu mutum ya san nasa adadin. Idan mai 60 ya wayi gari da 68 ko 70 kwana biyu a jere, ga nauyin ƙafafu, ya sassauta horo ko da agogon ya nuna sifiri. Mai zazzaɓi kada ya yi gudu har ya warke. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko zuciyarsa tana bugawa ba bisa tsari ba yayin gudu, ya tsaya nan take ya je asibiti, kome kyan lambar da agogonsa ya nuna.