Tsawa da Solar Rufin Gida: Abin da Ya Kamata Maigida Ya Sani

A garuruwan da hadari ke tasowa da ƙarfi irin su Jos da kewayenta, inda damina ke kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, masu gyaran inbata sun san lokacin kasuwarsu. Da an yi ruwa mai tsawa, washegari za a kawo musu inbatoci da dama da suka ƙone. Maigida sai ya ce kaya ne marasa kyau, ko kuwa farantan sola ne ke jawo tsawa. Faranti kwance a kan rufi bai ƙara wa gida tsayin da zai jawo tsawa ba. Abin da ya ƙaru shi ne wayoyi masu tsawo daga rufi zuwa ɗaki, waɗanda suka buɗe wa wutar tsawa hanya zuwa cikin na'ura mai tsada. Wannan takarda za ta bayyana yadda ake tare wannan hanya.

Yadda ɓarnar ke shigowa

Ɓarna iri biyu ce. Ta farko ita ce aradu ta faɗo kai tsaye a kan gida. Wutar da ke cikin faɗuwa guda matsakaiciya takan kai amfiya dubu 30, alhali gida duka ba ya jan fiye da 'yan gommai. Wannan ba ta cika faruwa ba, amma in ta faru tana iya tayar da gobara.

Ta biyu ita ce ta yau da kullum. Aradu ta faɗi a kan itace ko hasumiyar waya ko turken lantarki can nesa, ko da tazarar mita ɗaruruwa, sai ƙarfin maganaɗisun da ta saki ya haifar da wuta mai hauhawa a cikin kowace doguwar waya da ke kusa. Wannan wuta ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma takan kai bolt dubbai, ta bi wayar farantai ko wayar wutar NEPA ta shiga inbata. Fis da bireka ba sa tare ta, domin kafin su motsa ta riga ta gama aikinta.

Saboda haka kariyar kashi uku ce, kuma kowanne da aikinsa: atin, wato haɗa ƙarafa da ƙasa, na'urar tare hauhawar wuta, wadda za ka ga an rubuta SPD a jikinta, da sandar kama tsawa. Mai haɗa sola da ya kafa rodi guda a bayan ɗaki ya ce maka an gama, kashi ɗaya ya yi, shi ma watakila rabi.

Gidan misali

Mu ɗauki gida mai hawa ɗaya a Jos, rufin kwano, da farantai takwas masu wat 550 a jere ɗaya. A bayan kowane faranti akwai takarda mai nuna Voc, wato bolt ɗinsa idan ba a ɗora masa komai ba. A irin wannan faranti yakan kusa 50, takwas ke nan sun ba da kusan bolt 400. Inbata tana cikin sito, tsawon waya daga rufi zuwa gare ta mita 14 ne. Da wannan gida za mu bi ayyukan uku.

Aiki na farko: atin

A fara daga rufi. Firam ɗin kowane faranti da dogayen ƙarafan da aka ɗaure shi a kai dole su haɗu da waya guda ta jan ƙarfe, mai kauri aƙalla milimita murabba'i 6, wadda za ta sauko ƙasa. A nan akwai tarko. Alminiyum ɗin firam yana da wani siririn rufi a fatarsa wanda ba ya wuce da wuta, don haka ɗaure waya da kusa kawai bai isa ba. Ana amfani da washa mai haƙora wadda za ta huda wannan fata, a ramin da masana'anta suka yi wa alamar atin. Kuma kada tsirarar jan ƙarfe ta kwanta a jikin alminiyum ko kwano, domin da ruwa ya shiga tsakaninsu sai su ci juna. A sa maɗaurin bakin ƙarfe marar tsatsa a tsakani.

Sai rodin ƙasa. Ingancinsa ana auna shi da om, kuma ƙa'idar duniya ta kariyar tsawa, IEC 62305, ta so a samu ƙasa da om 10. Rodi guda mai tsawon mita 2.4 da kaurin milimita 16, a ƙasa mai matsakaicin laima, yakan ba da wajen om 40. A ƙasa mai duwatsu irin ta Filato, ko yashi busasshe, zai iya ninka haka sau da yawa. Maganin shi ne a ƙara rodi, amma ba a cusa su wuri guda ba. A bar tazarar da ta kai ninki biyu na tsawon rodin, wato kusan mita 5, a haɗa su da tsirarar wayar jan ƙarfe da aka binne zurfin rabin mita. A gidan misalinmu, rodi huɗu tare da wannan binnanniyar waya za su iya sauko da awon ƙasa da om 10. Inda dutse ya hana rodi shiga, sai a kewaye gidan da binnanniyar waya.

An saba zuba gishiri da gawayi a ramin atin. Gishiri yana saukar da awo a ranar farko, shi ya sa masu aiki ke son sa, amma ruwan damina yana wanke shi, kuma kafin ya tafi yana cin ƙarfen. Yumɓun da ake kira bentonait ya fi shi, domin yana riƙe laima ba ya cin rodi. A yi awon da mitar atin ta gaskiya, mai turaku biyu da ake kafawa nesa da rodin, kuma a yi shi a ƙarshen rani, wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Gwajin kunna ƙwai tsakanin wayar wuta da rodi ba awo ba ne, kuma yana da haɗari.

Babbar doka ita ce, atin gida ɗaya ne. Atin farantai, na inbata, na akwatin rarraba wuta, na janareto da na sandar tsawa, duk su haɗu a sanda guda ta jan ƙarfe kusa da inbata. Ga dalili. Idan amfiya dubu 30 suka shiga rodi mai om 10, ƙasar wurin za ta hau bolt dubu 300 na ɗan lokaci. In an ware wa inbata nata rodin a ɗaya gefen gida, to wannan bambanci zai nemi hanyar daidaita kansa, kuma hanyar ita ce cikin inbatar. In kuwa an haɗe su, komai zai hau tare ya sauka tare, ba abin da zai tsallaka. Amma a kula, ƙarafa da jikin na'ura ake haɗawa da ƙasa. Kada a haɗa wayar (+) ko (−) ta farantai da atin sai in littafin inbatar ya ce a yi, domin yawancin inbatocin zamani hakan yana lalata su.

Aiki na biyu: SPD

Wannan na'ura kamar magudanar da ake yi wa madatsar ruwa ce: tana nan rufe, sai wuta ta haura iyaka ta buɗe ta zubar da rarar a ƙasa. Ta ɓangaren farantai dole ta zama wadda aka rubuta DC ko PV a jikinta. Ta AC in aka sa ta a nan tana iya kamawa da wuta. Lambar da aka rubuta Ucpv ta wuce bolt ɗin jeren farantai da aƙalla kashi 20 cikin 100, domin sanyin safiya yana ɗaga bolt, kuma an san sanyin Jos. Bolt 400 sau 1.2 ya ba da 480, sai a sayi mai 600. Gidan da ba shi da sandar tsawa, Type 2 ta ishe shi.

Wurin sawa ya kai sayen muhimmanci. A kafa ta dab da inbata, kuma wayoyinta gaba ɗaya, har da wadda ta tafi sandar atin, kada su wuce rabin mita, ba naɗi ba lanƙwasa. Kowace mita ta ƙarin waya tana iya ƙara wajen bolt dubu a kan abin da zai isa inbata. Idan nisan farantai da inbata ya wuce mita 10, ana ƙara wata kusa da farantai, don haka gidanmu mai mita 14 biyu yake bukata. Sannan a sa ta AC a inda wutar NEPA ke shigowa, domin dogayen wayoyin kan titi su ma ƙofa ce.

Akwai kuma kariyar da ba ta cin ko kwabo. Wayar (+) da ta (−) da ta atin su tafi manne da juna tun daga faranti na farko har ƙasa. Idan ɗaya ta bi gabas ɗaya ta bi yamma suka zagaye rufi, filin da ke tsakaninsu shi ke tara wutar tsawa, kuma iyakar faɗinsa iyakar ƙarfinta.

Aiki na uku: sandar tsawa

Ba kowane gida ke bukatarta ba. Gidan da ke kan tudu, ko shi kaɗai a fili, ko ya fi maƙwabta tsayi, shi ne a gaba. Sandar ta fi farantai tsayi, a inda inuwarta ba za ta faɗa musu ba, kuma ta sauko ta hanyoyi biyu aƙalla, da jan ƙarfe mai kauri milimita murabba'i 50, miƙe ba kwana mai kaifi. Ana son tazara tsakaninta da farantai don kada wuta ta yi tsalle, amma a rufin kwano wannan ba ya samuwa, tun da duk suna zaune a kan ƙarfe ɗaya. A nan sai a haɗa su da gangan da waya mai milimita murabba'i 16, a kuma canza SPD zuwa Type 1+2. Sandar da aka kafa da siririyar waya da atin marar kyau, gara babu ita.

Duba na shekara-shekara

SPD tana tsufa. A jikinta akwai 'yar taga: kore lafiya, ja ta mutu, a canza. A leƙa ta bayan kowane babban hadari. Kafin damina a buɗe ramin atin a duba maɗauri ko ya yi tsatsa ko ya saki, a tabbata ɓarayin jan ƙarfe ba su yanke wayar bango ba, a sake awo a rubuta. In adadin ya ninka na bara, akwai inda ya katse. Kada kowa ya hau rufi ko ya taɓa waɗannan wayoyi ana hadari. In tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa daƙiƙa 3 ne, to nisanta kilomita ɗaya ne kawai.

Ya kai maigida, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka sa mai haɗa sola ya nuna maka abu huɗu da idonka: awon om a kan mita, sandar da duk wayoyin atin suka haɗu, SPD mai rubutun DC dab da inbata, da ta AC a bakin shigowar wuta. In ɗaya babu, aiki bai ƙare ba, ka riƙe kuɗinka har ya cika shi.