Kuɗin Laraba

Ɗana, na ji labari ka fara shiga kara ranar Laraba. An ce da ka tashi daga aiki sai ka wuce wurin masu shanu da raguna, ka haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba ka la'ada. Madalla. Kasuwar dabbobi ta Potiskum tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, tireloli na lodi daga nan har Kudu. Wanda ya tashi a garin nan ya ce zai nemi ƙarin abin sawa a baki, ai ba sai ya yi nisa ba.

Mahaifiyarka kuma ta ce kana mita, wai kuɗin dillanci ba su da auki. Sun shigo Laraba da yamma, kafin Asabar babu ko ƙyallinsu. Ban zarge ka da almubazzaranci ba, na san tarbiyyarka. Abin da ke faruwa shi ne, albashi ka san ranarsa ka san adadinsa, tun kafin ya zo ka riga ka raba shi a ranka. La'ada kuwa ba ta da rana tsayayya, ba ta da adadi. Kuɗin da ba a ba shi aiki ba, cefane ne ke ba shi. Ga tsire a hanya, ga katin waya, ga aboki da ya ga ka fito daga kara fuskarka a sake. Duk babu laifi a ciki, amma a nan suke ƙarewa.

Ka sayi littafin makaranta mai arha, ka keɓe shi ga wannan kaɗai. Kowace Laraba layi ɗaya ya isa: kwanan wata, abin da ya shigo hannunka, abin da ka kashe kafin ka same shi, sai abin da ya rage. Ka rubuta a daren, kafin ka kwanta. In ka bari sai Alhamis, za ka tuna babban kuɗin da aka miƙo maka, ka manta ƙananan da ka miƙa.

Bari in yi maka misali da wata guda, da lissafin da ya yi kama da naka.

Larabar farko ka sami la'adar naira 18,000. Amma ka hau Keke Napep zuwa da dawowa, ka ci abinci, ka sha ruwa, ka sallami yaron da ya riƙe maka igiya, ka sa kati don kiran mai saye. A ce 3,500 ke nan. Abin da ya zama naka 14,500 ne. Laraba ta biyu kasuwa ta yi sanyi, ka sami 6,000, ka kashe 2,500, saura 3,500. Ta uku ka yini a rana ciniki bai faɗa ba, ka dawo hannu rabbana, alhali ka kashe 2,100. Wannan ma ka rubuta shi, domin shi ne layin da mutane suka fi ƙin rubutawa. Ta huɗu Allah ya buɗa, la'adarka ta kai 31,000, sai dai wani Alhaji ya ce 10,000 daga ciki sai mako mai zuwa. A hannu 21,000, ka kashe 4,000, saura 17,000.

In aka tambaye ka a majalisa, za ka ce watan nan ka sami 55,000, kuma ba ƙarya ka yi ba. Littafi kuwa zai ce 32,900 ne suka tabbata a aljihunka. Matsalar ita ce ranka yana kashe kuɗi da lissafin 55,000. Shi ya sa kake ganin kamar an zare musu albarka.

Waccan 10,000 ta Alhaji, kada ka haɗa ta da abin da ya shigo. Ka juya bayan littafin ka buɗe shafin bashi: sunan mutum, adadi, ranar da ya yi alkawari. Ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuɗin alkawari ba a sa shi a tukunya sai ya zo.

To, yanzu rabon. Mutane da yawa za su ce maka ka ajiye kashi goma cikin ɗari. Wannan shawarar mai albashi ce. Kai da samunka ke hawa da sauka, yanka wa kanka abin da za ka shiga da shi gida kowane mako ya fi maka, kuma ya zama ƙasa da matsakaicin samunka. A misalinmu, in ka raba 32,900 gida huɗu, kowane mako ya haura 8,000 kaɗan. To ka yanke 5,000. Ko an yi ruwan kuɗi, 5,000 ce za ta shiga cefane. Ko an tashi babu, 5,000 ɗin ce dai.

Duba yadda abin zai tafi. Makon farko ka kai 5,000 gida, ka ajiye 9,500. Mako na biyu 3,500 kawai ka samu, sai ka ciro 1,500 ka cika, ajiya ta koma 8,000. Mako na uku ka ciro kuɗin gida da kuɗin da ka kashe a kasuwa, 7,100, saura 900 kacal. A nan zuciya kan karaya, ka ga kamar aikin banza kake. Ka daure, ba kullum ake kwana a gado ba. Mako na huɗu ka zuba 12,000, ajiya ta tashi 12,900. Lura da abin da ya faru: mako huɗu gidanka bai san an yi Larabar babu ba, ba ka ci bashin mai shago ba, ga kuma saura a gefe.

Ajiyar nan gida biyu za ka yi mata. Akwai ta kusa, wadda kake cike gurbin makon babu da ita. Ta kai abin da zai riƙe ka Laraba biyu a jere ba ciniki, wato kamar 15,000 a wannan lissafi. Duk abin da ya haura haka ya tafi ta nesa, inda hannunka ba ya kaiwa cikin dare. Ranar da Alhaji ya cika alkawari, kuɗinka sun zama 22,900. Ka bar 15,000 a kusa, 7,900 su wuce. Ita ta nesa ka sa mata suna, ka rubuta a saman shafi: kuɗin makarantar yara, ko takin damina, ko ragon layya. Kuɗi mai suna ya fi nauyin taɓawa.

Kuma ka cire rabon tun kana kasuwa, kafin ka hau keke. Masu POS suna nan ko'ina. Da ka tsallaka ƙofar gida da kuɗi a aljihu ɗaya, sun riga sun zama na gida, ba wanda zai iya hana su fita, kai ma ba za ka so ka hana ba.

Ina za a ajiye ta nesa? Ba na son ka jibge takardun kuɗi a asusun gwangwani. Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin 200 da 500 da 1,000, yadda masu kuɗi a ƙarƙashin katifa suka yi ta layi a banki. Ga kuma tsadar kaya: a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, naira tana zaune a gwangwani tana ramewa. Amma kada ka zuba komai a waya, domin a wancan lokacin ma masu kuɗi a banki sun rasa tsabar sayen ko da barkono. Ta kusa ka riƙe wani abu a tsaba. Ta nesa ka buɗe mata asusu dabam, a banki ko irin su OPay da Moniepoint, wanda ba da shi kake sayen kati da data ba. In da hali kar ka karɓi katin cire kuɗi a kansa.

Adashi yana da kyau, iyayenmu mata da shi suka yi kayan ɗaki. Tarkonsa ɗaya ne ga mai irin samunka. Za a zo maka da maganar shiga ana gab da Babbar Salla, raguna na tashi, la'ada na zuba, ka ɗauki zubin 10,000 a mako. Salla ta wuce, damina ta kankama, kara ta yi tsit, uwar adashi kuwa ba ta san wannan ba. Sai ka koma cin bashi don ka yi zubi. Ka auna zubinka da mafi munin watan da ke cikin littafinka. In littafin bai kai wata uku ba, ka dakata tukuna.

Wasu kan mai da ajiyar gero ko wake da kaka, su sayar da bazara. Dabara ce tsohuwa, kasuwar hatsi kuma ga ta a garinmu. Sai dai wake ƙwari na cinye shi in ba a buhun nan mai leda biyu a ciki ka ɗaure shi ba. Farashi ma ba kullum yake hawa ba: a 2025 hatsi ya karye, masu ajiya da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Saboda haka kada kuɗin makarantar yara su shiga buhu.

Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan nauyi. A dillanci kuɗin mutane kan bi ta hannunka. Mai saye ya turo kuɗin sa cikin asusunka, mai dabba ya ce zai karɓa gobe. Wannan amana ce. Kada ta kwana wuri ɗaya da kuɗinka, kada ka ce bari in ɗan taɓa in mayar. Dillalai nawa sunansu ya ɓaci a kara ba don sun yi niyyar cin amana ba, sai don sun kasa bambance nasu da na mutane. Ka ba ta shafinta, ka soke layin a gaban mai ita ranar da ka miƙa.

Zumunci kuwa ban ce ka ƙulle hannu ba. Gwaggo za ta aiko, aboki zai yi suna. Ka ba da daga rabon gida, ka rubuta. In ka ga kowane mako rabon ba ya isa, ka ƙara shi da saninka a farkon wata, maimakon ka riƙa yagar ajiya kaɗan-kaɗan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka zauna ka ƙirga abin da ke hannu da na asusu, ka gwada da littafi. In sun yi daidai, shi ke nan. In an sami giɓin ɗari biyu ko uku, ka rubuta giɓi ka wuce. In ya kai dubbai mako biyu a jere, akwai wata ƙofa da kuɗi ke fita ba ka rubutawa, galibi kati ne ko rancen abokai. Haka in ka fara ganin kalmar "sauransu" ta yi yawa a shafi, ko Laraba ta wuce ba layi, to littafin ya fara kwance maka. Kada ka tsaya cike abin da ka manta da ka. Ka ja layi, ka ƙirga abin da ke hannunka a ranar, ka ci gaba daga nan.

In ka zo gaishe ni bayan Salla ka taho da littafin, mu duba ko 5,000 ɗin ta yi maka yawa ko ta yi kaɗan. Ka gaida mutanen gida.