Kafin ka sayi sabon injin niƙa, zauna ka yi lissafi

Malam, idan za ka nemi kuɗin sabon injin niƙa a wurin banki ko wani ɗan'uwa, kada ka je da baki kawai. Rubuta lissafinka a takarda.

A ce injin da kafa shi sun ci naira miliyan 2. Kullum kana samun cinikin 15,000. Man dizal, ladan yaro da gyaran haƙora suna cinye 9,000, saura 6,000. A kwana 25 na aiki ka tara 150,000 a wata, kenan kuɗinka zai dawo cikin wata 14. Amma fa wannan lissafin mai fara sana'a ne. Idan tsohon injinka yana ba ka 4,000 a rana, ƙarin da sabon ya kawo 2,000 ne kacal, uwar kuɗin kuma sai bayan wata 40. Nan mutane da yawa suke ruɗin kansu.

Nuna cewa ka duba wasu hanyoyin, kamar yi wa tsohon garambawul ko sayen na hannu. Ni na fi son garambawul muddin injin bai fara shan baƙin mai yana hayaƙi ba.

Babban haɗarin shi ne dizal. Idan kuɗinsa ya tashi da 2,000 a rana, wata 14 ɗin nan ya koma 20. Ka kuma tambayi makanike ko kayan gyaran injin suna samuwa a kusa, don kwana goma a tsaye sun isa masu kawo niƙa su koma wurin maƙwabcinka.